Ranar Ganin Gida: Yadda Ake Karɓar Masu Saye Goma Ba Tare da An Rikice Ba

Duk wanda ya taɓa sa gida a kasuwa a Kano ya san yadda wayarsa ke komawa. Da zarar labari ya shiga bakin dillalai, kira ba ya yankewa. Wannan yana so ya zo bayan La'asar, wancan ya ce yanzu haka yana bakin layi, wani kuma ya turo ƙaninsa ya fara dubawa kafin shi ya dawo daga Abuja. Cikin mako 2 an buɗe ƙofa sau 15, matan gida sun gaji da ɗaukar mayafi suna shigewa ɗaki, mai gida ya bar shagonsa sau ba adadi, kuma har yanzu babu wanda ya taya.

Wannan wahala ce ta sa wasu masu gidaje da dillalai suke tara masu sha'awa duka a rana ɗaya. A zo a gani, a yi tambaya, kowa ya koma ya yi shawara. Dabara ce mai kyau, amma tana da nata tarkon. Idan aka ce wa mutum 10 su zo ranar Asabar kawai, ba a faɗa wa kowa lokacinsa ba, to gidan zai koma kamar gidan biki. Motoci su toshe lungu, baƙi su cika tsakar gida, wani ya ji farashi daga bakin yaron dillali, wani ya ji wani farashin daban daga bakin ƙanin mai gida. Da yamma a zauna a rasa wanda zai iya tuna ko mai farar motar nan shi ne ya ce zai biya nan take, ko kuwa mai hular zanna ne.

Abin da ke raba ranar da ta yi kyau da wadda ta watse ba girman gida ba ne. Abubuwa uku ne ƙanana: kowane mai saye da lokacinsa, baki ɗaya ne ke faɗar farashi, kuma littafi ɗaya ne ke riƙe sunan kowa tun daga kiran farko har ranar da aka sallama.

Lissafin kawuna

A ɗauki misalin gida mai ɗaki 4 da falo a wata unguwa kamar Rijiyar Zaki ko Hotoro, wanda mai shi ya sa wa naira miliyan 45. A ce mutum 17 ne suka kira suna son gani. Kuskuren farko shi ne a ɗauka mutum 17 za a karɓa. Bahaushe ba ya zuwa ganin gida shi kaɗai. Zai zo da dillalin da ya ba shi labari, da wani ɗan'uwa mai ido, sau da yawa da magininsa wanda zai ƙwanƙwasa bango ya leƙa silin, wani lokaci kuma da uwargida, tunda ita ce za ta zauna a ciki. Idan kowa ya zo da mutum 3, masu saye 17 sun zama kawuna 68. Babu tsakar gidan da zai ɗauki wannan.

Saboda haka aikin yana farawa ne a waya, kwana 5 ko mako guda kafin ranar. Duk wanda ya kira, a gaya masa farashin da aka sa, da unguwar, da girman filin, da irin takardun da gidan ke da su. Sannan a yi masa tambayoyi kaɗan cikin ladabi: wa ya ba shi labarin gidan, kansa yake saya wa ko wani yake wakilta, kuɗin suna hannu ko sai ya sayar da wata kadara, kuma mutum nawa zai zo da su. Wannan hira ta minti 3 tana rage taro da kanta. Wanda ƙarfinsa bai wuce miliyan 25 ba zai yi godiya ya janye. Wanda yake neman gidan da ke bakin titi don ya fitar da shaguna, da ya ji gidan a cikin lungu yake, ba zai ɓata Asabar ɗinsa ba. A misalinmu, a ce mutum 10 suka rage.

Ga waɗannan 10 ake yanka lokaci. Gida mai ɗaki 4 yana buƙatar kamar minti 20 a zagaya shi a natse, a buɗe famfo, a leƙa banɗaki, a duba rijiya ko burtsatse. A ƙara minti 10 na tambayoyi a zaure ko a ƙofar gida. Ke nan rabin awa ga kowane ayari. Daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 1:00 na rana akwai gurbi 8. A cike 7, a bar na 12:30 a buɗe, domin dole wani ya makara, kuma wanda ya makara wannan gurbin zai jira, ba zai shiga lokacin wani ba. Daga nan a rufe ƙofa don sallar Azahar da abinci da hutu. Bayan La'asar a sake buɗewa a 4:30 da 5:00 da 5:30, a gama kafin haske ya ragu, domin babu mai ganin tsagewar bango da fitilar waya. Idan aka ƙayyade mutum 4 ga kowane ayari, kawuna 40 ne za su ratsa gidan a yinin, amma ba za a taɓa samun fiye da 8 a wurin a lokaci ɗaya ba: 4 a ciki, 4 a zaure.

Zaɓen ranar ma yana son lura. Juma'a gajeriyar rana ce. Asabar da Lahadi sun fi dacewa da ma'aikata, sai dai hantsinsu lokacin ɗaurin aure ne, don haka wanda ya ce yana da ɗaurin aure a ba shi gurbin farko ko na yamma. A Kano kuma a kauce wa Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da ake hana zirga-zirga da safe har zuwa ƙarfe 10:00. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gurbin tsakar rana azaba ne ga baƙo da mai masauki, gara a fara tun 8:00. A watan Agusta kuwa, tsakiyar damina, gidan da ba ya yoyo yana samun shaidar da baki ba zai iya ba shi ba, gidan da ke yoyo kuma ba shi da wurin ɓuya.

Kowane mutum a tura masa saƙo a rubuce, ko ta WhatsApp ko saƙon waya, mai ɗauke da lokacinsa, da kwatancen gidan daga wata alama da kowa ya sani kamar masallaci ko gidan mai, da inda zai ajiye mota, da adadin mutanen da aka amince ya zo da su. A tura wa kowa nasa shi kaɗai. Haɗa masu saye a zaure ɗaya na WhatsApp yana nufin kowa ya ga lambar kowa, kuma babu abin da zai hana biyu daga cikinsu su haɗa baki su danne farashi. Ana gobe da yamma a sake kira a tabbatar. Wanda bai ɗauka ba kuma bai amsa saƙo ba, a ba wani gurbinsa.

Gidan da mutanen cikinsa

Gidan da babu kowa a ciki ya fi sauƙin nunawa. Idan iyali suna zaune, mafi alheri shi ne mata da yara su yini a gidan 'yan'uwa. Ba ya yiwuwa a ce maza baƙi 30 za su yi ta sallama suna ratsa ɗakunan matan aure daga safe har yamma. Kayan da ke da daraja, gwala-gwalai da wayoyi da takardu da makullan mota, a tattara su a ɗaki ɗaya a kulle, ko a fitar da su gaba ɗaya. Ba kowa ne ke zuwa ganin gida don saye ba. Akwai mai zuwa ya ƙidaya ƙofofi ya ga inda katanga ta yi gajarta.

Idan 'yan haya ne a ciki, a sanar da su da wuri, a nemi yardarsu a kan rana da lokaci. Ɗan haya da ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin zama lafiya, kuma ɗan hayar da aka yi wa ba-zata shi ne zai tsaya a bakin ƙofa yana gaya wa kowane baƙo cewa sokawe tana cika duk damina. A kuma rubuta ranar da hayarsa za ta ƙare, domin wannan ita ce tambayar farko da mai son tarewa zai yi.

Maƙwabta da mai unguwa su ma a gaya musu. Mai unguwa dama shi ne mutane da yawa suke zuwa wajensa su tambayi asalin gida, kuma a unguwanni da dama har hannu yake sawa a takardar ciniki. Gara ya ji daga bakin mai gida da ya ji daga bakin baƙo. Maƙwabci kuma idan ya san da zuwan baƙi, ba zai fito yana faɗa don an tare masa ƙofar gareji ba.

Gidan gado yana da nasa sharaɗin kafin a gayyaci kowa. Dole magada su amince, su kuma wakilta mutum ɗaya a rubuce. A fiƙihun Malikiyya, wanda yake da rabo a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya fi bare cancantar sayen rabon ɗan'uwansa idan za a sayar. Babu abin da ke kashe ciniki kamar wani magaji ya bayyana ana tsakiyar zagaye ya ce shi ba da yawunsa ba.

Mutum huɗu, kowa da aikinsa

Mutum ɗaya ba zai iya riƙe wannan rana ba, domin ba zai kasance a ƙofa da cikin ɗaki a lokaci ɗaya ba. Ana bukatar mutum 4. Na farko yana bakin layi, yana nuna wa masu mota da babur inda za su tsaya. Na biyu yana zaure da littafi da biro, ga benci ko tabarma da ruwan sha. Shi ke tarbar kowa, ya duba sunansa a jeri, ya zaunar da wanda ya zo da wuri. Na uku shi ke zagayawa da baƙi. Na huɗu, mai gida ko babban dillalinsa, shi kaɗai ke maganar kuɗi da takardu. Idan ana sa ran mata a cikin masu zuwa, samun mace a cikin masu zagayawa yana sa su sake su yi tambayoyin da ba za su yi wa namiji ba, kuma sau da yawa tambayar uwargida a kan kicin da wurin shanya da ruwa ita ce ke yanke hukunci.

Zagayen ya bi hanya ɗaya ga kowa: daga zaure zuwa tsakar gida, falo, ɗakuna, kicin, banɗaki, sannan rijiya ko tanki, mitar wuta, a fito. Ayari ya tafi tare, ba a barin wani a baya yana buɗe durowa. Kafin baƙo na farko ya iso a buɗe tagogi, a gwada kowane makulli, a tabbatar akwai ruwa a tanki, a kuma tanadi janareto, domin idan KEDCO ta ɗauke wuta babu yadda za a nuna cewa famfon burtsatse yana aiki. Maganar hoto a yanke ta tun a zaure. Wanda zai tura wa yayansa da ke Legas ko Saudiyya bidiyo yana da uzuri, amma idan kayan iyali suna ciki, gara mai gida ya ɗauki nasa hotunan tun farko ya tura wa duk mai so.

Mai zagayawa yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. Duk wanda ya ja shi gefe ya ce, “Tsakani da Allah, nawa ne gaskiyarsa?” amsarsa ita ce, “Alhaji yana zaure, shi ke da wannan maganar.” Da zarar yaro ya ce ai ko 40 aka ba shi zai karɓa, gidan ya yi asarar miliyan 5 a cikin numfashi ɗaya, kuma labarin zai riga baƙon fita daga layin.

Abin da ke rage maimaita magana shi ne takarda guda, shafi ɗaya, da za a miƙa wa kowane ayari. A ciki a rubuta girman filin, yawan ɗakuna, tushen ruwa, irin mitar wuta da ko akwai bashi a kanta, farashin da aka sa, ranar da za a iya ba da makulli, da lambar mutum ɗaya da za a kira. A rubuta aibin gidan ma. Idan silin ɗakin baya ya taɓa yoyo, ko layin yana tara ruwa a watan Agusta, a faɗa. A shari'ar Musulunci ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayar da abin da ya gano an ɓoye masa aibinsa. Ban da wannan, maginin da ya zo da shi zai ga sabon fentin da aka shafa a kan tabon ruwa, daga nan kuma ba zai ƙara yarda da komai ba.

Takardun gida na asali ba sa zuwa wurin. Kwafi ake nunawa: takardar shaidar mallaka idan akwai, takardun cinikin baya, da izinin gini na hukumar KNUPDA. Mai saye na gaske zai ɗauki lambar fayil ya je hukumar KANGIS ya bincika ko sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, ko kuma an jinginar da gidan a banki. Ya kamata kowa ya san tun ranar cewa a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, sauya mallakar fili mai shaidar gwamnati yana bukatar amincewar gwamna, kuma hakan yana cin lokaci da kuɗi. Wa zai biya wannan, magana ce da gara a yi ta a zaure da a yi ta bayan an sallama.

Littafin zaure

Littafin da ke hannun mai zaure ya fi komai muhimmanci a ranar, kuma shi aka fi rainawa. Littafin makaranta mai layi ya isa. Kowane mai saye da shafinsa: suna, lambar waya, lokacin da ya zo, mutum nawa suka zo, da sunan dillalin da ya kawo shi. A kira lambar nan take a ji ta yi ƙara, domin lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba tana iya zama ta mutumin da ya fi kowa niyya.

Layin dillali yana kashe wata wuta tun kafin ta kama. Labarin gida yakan bi ta hannun dillalai 3 ko 4 kafin ya kai ga mai saye, kuma ranar raba la'ada kowa zai rantse shi ya kawo shi. Idan an yi yarjejeniya a kan kashi 5 cikin 100, la'adar gidan miliyan 42 ta haura naira miliyan 2, kuɗin da ya isa ya raba abokai ya kai su gaban alƙali. Idan mai saye da bakinsa ya faɗi wanda ya kawo shi, aka rubuta a gabansa ya sa hannu, gardama ta ƙare.

Sauran shafin na abin da aka lura ne, kuma a cikin minti 2 bayan ayari ya fita ake cika shi, kafin na gaba ya shigo. Me ya tambaya? Me ya dame shi? Me aka yi masa alkawari? “Yana son kwafin izinin gini.” “Matarsa ta ce kicin ya yi ƙanƙanta.” “Zai dawo da injiniya ya duba rufi.” Bayan ayari 6 fuskoki suna cakuɗewa, kuma wanda ya ce zai tuna da daddare ba zai tuna ba.

Akwai alamun da ke nuna tsari ya fara kwancewa. Idan aka ga ayari biyu a tsakar gida suna hira da juna, mai zaure ya saki ƙofa. Idan baƙo ya fito yana faɗar farashin da ba shi ke kan takarda ba, wani ya yi magana a ciki. Idan an fara bin lokaci bashin minti 20, a rage hirar zaure, a ce za a ƙarasa ta waya, kada a haɗa ayari biyu don a cike giɓi. Wanda ya faɗo ba tare da an ba shi lokaci ba, maƙwabci ne ko mai wucewa, a rubuta sunansa, a ba shi gurbin da ya rage ko wata rana.

Haɗuwar masu saye a bakin ƙofa, wannan na fita wancan na shiga, ba laifi ba ne. Kowa ya gani da idonsa cewa ba shi kaɗai ke nema ba. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗauko abokai a sa su yi kamar masu saye, suna taya gida da tsada don a zuga na gaske. Wannan shi ne najashi, kuma Musulunci ya hana shi.

Bayan an rufe ƙofa

Ciniki da yawa ba a ranar gani yake mutuwa ba, a kwana ukun da ke biye ne. Mai gida ya gaji, dillali ya tafi wani gidan, kowa yana jiran mai saye ya kira, shi kuma mai saye yana ganin idan ya fara kira ya nuna zalama. Ana haka sai ya ga wani gida a Sharaɗa ya saya.

Don haka a daren ranar, bayan Isha'i, mutum huɗun nan su zauna da littafi na rabin awa. A raba sunaye kashi uku: waɗanda suka taya ko suka nemi takardu, waɗanda suka nuna sha'awa amma akwai abin da ya tsaya musu, da waɗanda gidan bai yi musu ba. A misalinmu, a ce mutum 8 suka zo cikin 10. Uku suna kashin farko, biyu a na biyu, uku a na ƙarshe. A gaban kowane suna a rubuta wanda zai kira shi da ranar kiran. Mutum ɗaya ga kowane suna, domin idan biyu suka kira za su faɗi magana biyu, idan kuma aka bar wa kowa, babu mai kira.

Washegari a kira kashin farko, a kuma cika duk alkawarin da ke littafi. Wanda aka ce za a tura wa kwafi, a tura masa kafin azahar. Kashi na biyu a kira su cikin kwana 2 da amsar abin da ya dame su: mai ƙorafin kicin a gaya masa ko bangon da ke tsakaninsa da sito yana iya fita. Mutum 2 da ba su zo ba su ma a neme su, wataƙila rasuwa aka yi musu. Kashi na uku saƙon godiya ya ishe su.

Ga masu niyya a sa rana ɗaya, a ce Alhamis da Magariba, wadda kowa zai kawo tayinsa a rubuce, da yadda zai biya da kuma yaushe. A gaya wa kowa wannan ranar daidai wa daida. A ce tayi uku suka zo. Na farko miliyan 43, amma sai ya sayar da filinsa, abin da zai iya ɗaukar wata 3. Na biyu miliyan 42, zai biya cikin mako 2 da zarar ya gama bincike a KANGIS. Na uku miliyan 40, rabi yanzu, rabi bayan wata 2. Mai gidan da ke son kuɗi don ya ƙarasa wani gini kafin damina zai iya ganin na biyu ya fi masa, ko da yake ba shi ne mafi tsoka ba. Ba a kai tayin wani gaban wani da sunansa. Ana iya cewa an samu wanda ya fi, idan gaskiya ne, a ba mutum dama ya ƙara ko ya haƙura.

Wannan dama tana da iyaka. Muddin mai gida bai karkata ga kowa ba, karɓar tayi daga mutane da yawa halal ne, kamar yadda ake yi a gwanjo. Amma da zarar ya ce ya sallama, ƙofa ta rufe. Wanda ya zo daga baya da ƙarin miliyan ɗaya yana neman yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa ne, abin da shari'a ta hana, kuma dillalin da ya buɗe masa hanya ya zubar da sunansa a unguwar.

Kafin alƙalami da sauran kuɗi su bi ta banki, zuwa asusun mai gida ko wakilin da aka rubuta, da rasit da shaidu, a kuma rubuta abin da zai faru da kuɗin idan ɗaya ya fasa. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Wanda ya zo ganin gida da jaka a but ɗin mota yana cewa a ƙirga yanzu, a ba shi lambar asusu.

Saura kira biyu da aka fi mantawa: na mai miliyan 43 da na mai miliyan 40. A gaya musu an sallama wa wani, a yi musu godiya, a tambaye su ko za a iya nemansu idan cinikin bai kammala ba. Binciken takardu yakan tono abin da ba a zata ba, kuɗin mai saye yakan maƙale, wani lokaci iyali su sauya shawara. Idan haka ta faru bayan mako 2, mai gida ba sai ya sake share tsakar gida ya kwashe iyali zuwa gidan 'yan'uwa ba. Zai buɗe littafin zaure ne a shafi na uku, ya ga lambar da aka gwada ta yi ƙara, da abin da mutumin ya taya, da sunan dillalin da ya kawo shi, ya danna kira.